Giram 60 na gwal daga Jidda zuwa teburin kwastam a Kano

A watan Nuwamban 2024 na je Umra, saura wata uku a ɗaura wa autata aure. Tun kafin in tashi mun gama magana da mahaifinta cewa gwal ɗin da za mu ba ta a can zan sayo, domin kowa a unguwarmu ya yarda na Saudiyya ya fi kyau kuma ya fi sauƙi. Kyau dai yana da shi. Maganar sauƙi kuwa sai da na tsaya gaban jami'an kwastam a filin jirgin Malam Aminu Kano sannan na ga lissafinta a rubuce, kuma shi ne nake son in shimfiɗa wa mai shirin irin wannan tafiya.

Gwal iri biyu na dawo da shi. Akwai tsohona, awarwaro huɗu da na gada wajen mahaifiyata, giram 48, waɗanda da su na fita daga Kano a hannuna. Akwai kuma sabon da na saya a tsohuwar kasuwar Balad ta Jidda ana jibi za mu taso: sarƙa da 'yan kunne da zobe giram 34, sai awarwaro biyu giram 26 a wani shago daban. Duka giram 60 ke nan, ɗan karat 21.

Wanda bai saba sayen gwal ba ya fara koyon karanta hatimin da ke jikinsa, don shi za a duba a kowane teburi. A cikin awarwaro ko kusa da maƙullin sarƙa akwai 'yar lamba da aka buga. In ka ga 875, karat 21 ne, wato a kowane kashi dubu, 875 zinari ne zalla. Lambar 916 karat 22 ce, 750 kuma karat 18. Farashin giram na ranar yana nan a allo a shago, ba a ciniki a kansa. Abin da ake ja-in-ja a kai shi ne kuɗin ƙira, wanda Larabawan ke ce wa masna'iyya. A ranar, giram na karat 21 Riyal 280 ne, don haka gwal ɗin kansa ya kama Riyal 16,800. Ƙira ta ci wajen 1,460 bayan na yi ta roƙon ragi, aka ɗora harajin VAT na Saudiyya, kashi 15 cikin ɗari, komai ya tashi Riyal 21,000.

Babban ɗana ya ja mini kunne ta waya a daren. Ya ce, "Umma, don Allah kafin ki bar shagon ki duba rasit ɗin, a ga nauyi, a ga karat, a ga kwanan wata da sunan shago. Sannan ki ɗauke shi a hoto, ki turo min." Na yi hakan, na ɗora kowane kaya a kan rasit ɗinsa na ɗauka. Larabcin Islamiyya ya taimake ni a nan, domin rasit ɗin da Larabci yake: wazan shi ne nauyi, iyar shi ne karat.

A masauki sai shawara ta yi yawa. Matan da muke ɗaki ɗaya duk sun riga ni zuwa, kuma da kyakkyawar niyya suke magana. Ɗaya ta ce in yar da kwalayen, in saka komai a jikina, in ja hijabi, ba mai tambayata. Wata ta ce ai in kaya bai kai dala 10,000 ba babu ruwan kwastam da shi. Wannan ta biyun ta yaɗu sosai a tsakaninmu, kuma an haɗa abu biyu ne da ba su da alaƙa. Maganar dala 10,000 ta tsabar kuɗi ce da takardun da ake canzawa su zama kuɗi, tana cikin dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022, wadda ta ce duk wanda zai shiga ko ya fita da abin da ya haura haka sai ya bayyana wa kwastam. Sabon kaya da aka sayo a waje dokarsa daban, ita ce ta kuɗin fito, kuma ba ta jira sai ya kai dala 10,000. Can ɓangaren Saudiyya kuma, a lokacin tafiyata, wanda zai fita da kuɗi ko gwal na Riyal 60,000 zuwa sama ne ake buƙatar ya cika takardar bayyanawa. Nawa tsoho da sabo bai kai 35,000 ba, don haka a filin jirgin Jidda ban tsaya ko'ina ba.

Shawarar sakawa a jiki ce ta fi tsaya mini a rai, don kuwa ina gani da idona mutane na yi suna wucewa. Amma saka abu a wuya ba ya mayar da shi tsoho. Abin da doka ta yafe shi ne kayan amfanin matafiyi da ya riga ya yi amfani da su, tufafinsa da agogonsa da adon da ya saba sakawa. Kayan da ya kamata a biya musu fito aka ɓoye, in an gano, ana iya ƙwace su gaba ɗaya, ba wai a ce ka biya kawai ka tafi ba. Na auna dukiyar yarinya ta miliyoyi a kan sa'ar kada a kalle ni, zuciyata ta ƙi. Ban da haka, kwana goma na yi ina zagaya Ɗaki ina roƙa wa auren nan albarka, ban ga yadda zan buɗe shi da cewa "babu komai" alhali akwai ba. Ba ina yanke wa kowa hukunci ba ne, abin da na iya ɗauka ke nan.

Mun sauka Kano bayan sallar isha, hazon hunturu ya fara sauka. Gwal ɗin yana jakar hannuna tun daga Jidda. Ba a saka shi a akwatin da za a auna a jefa cikin jirgi, ko da wasa. Bayan an buga fasfo muka jira kaya, na ɗauki akwatina da jarkar zamzam, sai wajen kwastam. Ƙa'idar a filayen jirgi ita ce hanya biyu: kore ga wanda ba shi da abin bayyanawa, ja ga wanda yake da shi. Bin koriyar hanya kansa magana ce, kamar ka furta da bakinka cewa ba ka ɗauke da komai. Ni ban jira an tambaye ni ba, na nufi wata jami'a na yi mata sallama na ce ina da sabon gwal da nake son bayyanawa.

Ta ce, "Sannu da zuwa Hajiya, Allah ya karɓi ibada. Kada ki fito da shi a nan, biyo ni." Ta kai ni gefe inda babu idon jama'a, ta kira wani babbansu. Wannan ya kwantar mini da hankali ƙwarai, domin tsoron da ke hana mutane da yawa magana ba na biyan kuɗi ba ne kaɗai, har da tsoron a baje musu dukiya a gaban ɗaruruwan mutane su fita da ita cikin dare.

Aka karɓi fasfo ɗina da tikitin shiga jirgi. Tambayoyin gajeru ne: daga ina, kwana nawa, na waye, na sayarwa ne ko na amfani. Na ce na auren 'yata ne. Suka buɗe kwalayen, suka duba hatimi, aka ɗora kowanne a ƙaramin sikeli. Saitin sarƙa ya ba da giram 34, daidai da rasit. Da na zaro rasit ɗin awarwaro sai gabana ya faɗi. Irin takardar nan ce mai santsi da injin ke bugawa da zafi, na cusa ta a aljihun jaka tare da 'yar kwalbar turaren mai, turaren ya tsiyaya ya cinye rabin rubutun. Sunan shago yana nan, nauyi da farashi sun tafi.

Jami'in ya yi mini bayani a natse. Ya ce tushen lissafinsu shi ne kuɗin da mutum ya biya da gaske, in akwai takardar da za a yarda da ita. In babu, ko kuma farashin da ke kai bai yi kama da gaskiya ba, to su za su ƙiyasta da kansu. Da gwal kuwa ƙiyasi ba wuya, nauyi da karat da farashin kasuwar duniya sun isa. Shi ya sa dabarar roƙon mai shago ya rubuta rabin farashi ba ta da amfani a kayan gwal. Atamfa ko takalmi ana iya gardama a kan darajarsu, amma giram 26 na karat 21 kowa zai iya duba kuɗinsa a waya cikin minti ɗaya. Na buɗe hoton da na ɗauka a shago, ga awarwaron a kan rasit, ga lambobi tsaf. Suka gwada da abin da ya rage a takardar da abin da sikeli ya nuna, suka karɓa.

Daga nan idon jami'ar ya sauka a hannuna. "Hajiya, waɗannan fa?"

Wannan ce tambayar da ban shirya mata ba. Na ɗauka tunda nawa ne tun fil azal babu abin cewa. Amma ita a inda take tsaye, mace ce ta sauko daga jirgin Jidda da awarwaro huɗu na gwal a hannu, kuma ta san abin da ake faɗa wa juna a masauki. Mahaifiyata ta saye su shekaru da dama kafin a haifi autar tawa, babu rasit, babu kwali. Na cire na miƙa. Abin da ya yi mini shaida abu uku ne. Na farko jikinsu: zanen da ke kai ya shafe a gefen da ke gogar juna, ciki duk ƙananan ƙarce, kuma sun ɗan lanƙwashe, ba su da zagayen sabon awarwaro. Na biyu, ɗaya daga ciki ya taɓa tsagewa na kai wa maƙerin gwal a kasuwar Rimi ya like, tabon likin yana nan, launinsa ya ɗan bambanta. Na uku hotuna ne a wayata na bikin ƙanwata a 2019, ga ni ga awarwaron a hannuna, zanensu a bayyane. Ta ajiye sabo da tsoho kusa da juna a ƙarƙashin fitila, bambancin bai buƙaci magana ba. Ta mayar mini ta ce, "Saka abinki Hajiya. Amma wani karon, kafin ki fita ƙasar, ki zo teburinmu ki nuna su, ki nemi a rubuta miki shaidar cewa da su kika fita."

Da a ce na kai su an wanke an goge kafin tafiyar, kamar yadda na so yi, da na sha dogon bayani. Da kuma na bi shawarar masauki na haɗa sabo da tsoho a hannu ɗaya, da na jefa gadon mahaifiyata cikin zargin da ba nasa ba.

Sai lissafi. Kayan ado na zinari suna ƙarƙashin lamba 7113 a kundin harajin kaya, kuma a jadawalin bai ɗaya na ƙasashen ECOWAS da Najeriya ke bi, suna rukunin kashi 20 cikin ɗari. An mayar da Riyal 21,000 zuwa dala a kan 3.75, farashin da Saudiyya ta ɗaure kuɗinta a kai, ya zama dala 5,600. Daga nan aka mayar Naira da canjin da kwastam ke aiki da shi, wanda daga Babban Banki yake zuwa, ba daga 'yan canjin Wapa ba. A takardata Naira 1,650 ce kowace dala, darajar kayan ta zama Naira 9,240,000.

Layi uku ne manya a takardar. Kuɗin fito kashi 20 ya kama Naira 1,848,000. Akwai ƙarin kashi 7 da ake ɗorawa a lokacin a kan kuɗin fiton kansa, ba a kan kayan ba, shi ne 129,360. Na ukun shi ne ya fi ba ni mamaki: VAT na kashi 7.5 ba a kan darajar kayan kaɗai ake cire shi ba, sai an tara darajar da fiton da ƙarin tukuna, don haka ya kai 841,302. Ukun nan sun haɗa Naira 2,818,662. Wanda ya ji "kashi 20" ya shirya kashi 20 zai zo da kuɗin da bai isa ba, domin a aikace abin ya ɗan haura kashi 30.

Na tambaya ko babu rangwame tunda kyauta ce ba ciniki ba. Aka ce akwai ɗan abin da ake yafe wa matafiyi na tsaraba, amma bai kai ya taɓa lissafi irin wannan ba. Daga baya, a watan Satumban 2025, hukumar ta sanar da yafe fito ga kayan da ba su wuce dala 300 ba. Ga mai dabino da jallabiya da carbi wannan sauƙi ne na gaske. Ga mai gwal kuwa, ko a farashin allon ranar da na saya, dala 300 giram huɗu ne, wato 'yan kunne marasa nauyi. Caje-cajen da ke bin fito ma ana sauya su lokaci zuwa lokaci, don haka lambobina na daren da na sauka ne. Mai tafiya yanzu ya tambayi ofishin kwastam na filin jirgi kafin ya tashi.

Ba a miƙa kuɗin fito a hannun kowa. Ana ba ka takardar ƙiyasi, ka biya ta banki zuwa asusun gwamnati, a ba ka shaidar biya. A nan dare ya yi mini: abin da bankina ya yarda in tura a rana ɗaya ta waya bai kai adadin ba, ɗana da ke jirana a waje ma haka. Aka ce kayan za su kwana a ajiyarsu. Na ce to, amma a rubuta komai. Aka sake auna kowane guda a gabana, aka rubuta sunansa da nauyinsa da karat ɗinsa, aka sa a ambulan aka manne, na sa hannu a bakin mannin, jami'in ma ya sa, aka ba ni takardar riƙe kaya mai lamba da sunana da lambar fasfo. Kada wanda ya yarda da takardar da aka rubuta "kayan ado" kawai. Sarƙa guda na iya zama giram 10, tana iya zama 40, nauyin ne shaidarka.

A bakin ƙofar fita wani mutum cikin farin kaya, ba ma'aikaci ba, ya matso ya ce in ba shi takardar da wani abu kaɗan, gobe zai fitar mini da kayan a rabin kuɗi. Ɗana ya ce masa mun gode. Ko da gaske zai iya, abin da zan rasa shi ne rasit na gwamnati, wanda shi kaɗai zai nuna gobe cewa gwal ɗin nan ya shigo ta ƙofa.

Ban yi barcin kirki ba a daren. Washegari da hantsi muka je banki da ɗana muka biya, muka koma filin jirgi da shaidar. Aka duba, aka fito da ambulan, sa hannuna yana nan yadda na bar shi. Na roƙi a sake aunawa kafin in karɓa, ba su ƙi ba: 34 da 26. Tun daga shigarmu zuwa fita bai fi awa ɗaya da rabi ba.

Wata baiwar Allah da muka zo jirgi ɗaya na tarar a can, ita tata ta fi tawa tsawo. Saƙon mutane ta ɗauko, saiti shida kusan iri ɗaya, kowanne da mai shi a gida, rasit duk da sunanta. A idon doka wanda kaya ke hannunsa shi ne mai bayyanawa kuma shi ne mai biya, kuma saiti shida iri ɗaya sun fi kama da haja fiye da adon mutum ɗaya. Tana ta kiran masu saƙon a waya, kowa na cewa ai ba a yi da shi za a biya wani abu ba. Na tausaya mata har raina. Ni ma matar ƙanen maigidana ta so ba ni kuɗin zobe biyu kafin in tafi, na ba ta haƙuri don ina tsoron riƙon amanar gwal a cikin cunkoso, ban ma san wannan fuskar ba a lokacin.

Da muka zauna da Alhaji da daddare ya ɗauki biro. Kuɗin saye da na fito sun haura Naira miliyan 12, a raba da giram 60, kowane giram ya iso gidanmu a kan wajen Naira 201,000. Zinarin da ke cikinsa kuwa, a farashin allon Jidda na ranar, bai fi Naira 123,200 ba. Ratar da ke tsakani ƙira ce da harajin ƙasashe biyu, kuma ba ta dawowa. Ranar da yarinya ta matsu ta kai shi Rimi ko Sabon Gari, sikeli za a ɗora shi, a cire nauyin duwatsu in akwai, a biya ta kuɗin zinari kaɗai. Alhaji ya ce da ya san haka da ya fara zagaya 'yan gwal na nan gida ya ji farashinsu kafin in tafi. Gaskiyarsa ce. Wanda ke neman wata ƙira ta musamman da babu ita a Kano, ko yake son a ce daga ƙasa mai tsarki aka kawo, yana da dalilinsa, kuma ni har yau in na ga sarƙar a wuyan 'yata ina jin daɗi. Wanda kuwa don ajiyar dukiya yake saye, ya ɗora kashi 30 a kan farashin can tukuna, sannan ya gwada da na gida.

Ranar da za a kai ta ɗakinta na ba ta ambulan guda tare da kwalayen. A ciki akwai rasit biyu na Jidda, da hoton wanda turare ya ɓata an buga shi a takarda, da takardar ƙiyasin kwastam, da shaidar banki. Na sa an yi kwafin kowanne na ajiye a wajena. Awarwaron mahaifiyata kuma na kai Rimi aka auna mini su ɗaya bayan ɗaya, na rubuta nauyin kowanne a littafin da nake lissafin zakka, na ɗauki hotonsu a kan sikelin da kwanan wata.